Hatimin da pip bai sani ba

Wata ɗaliba da ta zo koyon aiki ofishinmu ta leƙo teburina da hantsi, kwamfuta a hannu, fuska a murtuke. "Malam, tun jiya nake fama. A gida abin yana sauka lafiya, a nan kuwa ya ƙi." Abin da take so ƙarami ne: ta sauke wani ƙunshi na Python mai suna pandas don ta tace alƙaluman da aka ba ta. Masu rubuta manhaja ba sa ƙera komai daga tushe. Kamar magini ne da ke sayen bulo da kwano a kasuwa, suna ɗauko ƙunshin da wasu suka riga suka rubuta daga wani rumbu na intanet, su ɗora nasu aikin a kai. Rumbun Python sunansa PyPI, ɗan aiken da ke zuwa ɗauko kaya daga can kuwa shi ne pip. Layi ɗaya ake rubutawa:

```
pip install pandas
```

A gida ba ya wuce minti ɗaya ko biyu. A ofis sai allo ya yi tsit na daƙiƙa 15, ya rubuto `Retrying`, ya sake yin tsit, har sau biyar, sannan ya haƙura. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne burauzarta tana buɗe shafin pypi.org ba gardama, a kwamfutar nan, a layin nan.

Dalilin farko mai sauƙi ne. A manyan ofisoshi, bankuna da jami'o'i da yawa, ba a barin kwamfuta ta fita intanet kai tsaye. Akwai ƙofa guda da kowa zai bi, wata na'ura da ake kira firoksi, ita ke karɓar saƙonka ta kai, ta kawo maka amsa. Burauza ta san da ƙofar, domin sau da yawa sashen kwamfuta na ofis yana ba ta wani ɗan fayil da ke nuna mata hanya. Shi pip ba ya karanta irin wannan fayil, sai ya nufi waje kai tsaye ya ci karo da katanga. Shirun nan na daƙiƙa 15 shi ne alamar: ba wanda ya ce masa a'a, ba kuma wanda ya amsa. Muka tambayi injiniyan ofis adireshin firoksin, muka faɗa wa pip:

```
pip config set global.proxy http://10.0.0.5:8080
```

A lura, adireshin ya fara da `http://` ne, ba `https://` ba, ko da yake rumbun da za a je `https` ne. Mutane da yawa suna tuntuɓe a nan. Idan kuma firoksin yana neman suna da kalmar sirri, ba zai yi shiru ba, zai mayar da lamba `407`, wadda ma'anarta ita ce ka gabatar da kanka tukuna.

Ta sake gwadawa. Wannan karon amsa ta zo nan take, amma ba mai daɗi ba:

```
[SSL: CERTIFICATE_VERIFY_FAILED] certificate verify failed:
self signed certificate in certificate chain
```

Ta dafa kai. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ai mun ci gaba ne. Da ba mu isa ko'ina ba, yanzu kuwa mun isa har an miƙo mana takarda, pip ne ya duba ta ya ce bai yarda ba. A nan ainihin labarin yake.

Duk shafin da adireshinsa ya fara da `https`, kafin a fara magana sai ya nuna satifiket, wato takardar shaidar cewa shi ɗin ne. Takardar da mutum ya rubuta wa kansa ba shaida ba ce, don haka akwai hukumomin da aikinsu ke nan, su bincika su buga hatimi. Wadda ta buga hatimin ita ma wata babba ce ta tsaya mata, haka ake bin salsala har a kai ga tushe. Kwamfutarka tana riƙe da jerin waɗannan tushen da ta amince da su. In salsala ta ƙare a kan wanda ke cikin jerin, a wuce. In ta ƙare a kan baƙo, a tsaya.

To, wasu ofisoshin ba su tsaya ga tsare ƙofa kawai ba, suna so su ga abin da ke cikin ambulan, don gudun cutar kwamfuta ko fitar da sirrin aiki. Saƙon `https` a rufe yake, ba ya karantuwa a hanya. Sai firoksin ya tsaya a tsakiya: shi ke magana da PyPI na gaskiya, ya buɗe kayan ya duba, sannan ya ƙera sabon satifiket mai ɗauke da sunan pypi.org, ya buga masa hatimin ofis, ya miƙo maka. Burauza ba ta yi ƙorafi ba saboda tun ranar da aka shirya kwamfutar aka saka hatimin ofis a cikin jerin Windows, ita kuwa tana duba wannan jerin. Shi pip ɗin da ke kwamfutar ɗalibar nan, fitowa ta 23, ba ya leƙa jerin Windows ko kaɗan. Yana yawo da nasa a aljihu, wanda ake kira certifi, kwafin jerin da Mozilla ke kula da shi. Hatimin ofishinmu ba ya ciki, ba kuma zai taɓa shiga ba.

Ana iya tabbatar da haka ba tare da rubuta komai ba. Buɗe pypi.org a burauza, danna ƴar alamar da ke gefen adireshi, nemi bayanin satifiket, ka karanta abin da ke ƙarƙashin `Issued By`. Da muka duba, sunan ofishinmu ne ɓaro-ɓaro a wurin. Ta buɗe shafin a wayarta da datarta, sai ga sunan wata hukuma daban. Shafi ɗaya, hatimi biyu.

Kafin in dawo daga sallar azahar ta samo magani da kanta. "Malam, na gano! An ce in ƙara `--trusted-host` kawai." Gaskiya ne, yana aiki, shi ya sa ya bazu. In ka sa wa pip wannan kalma tare da pypi.org da files.pythonhosted.org, kaya za su sauka. Amma abin da ka gaya masa shi ne ya daina duba takarda a waɗannan wurare biyu, duk wanda ya zo da sunan ya karɓa. Mai gadi ya tare baƙon da bai sani ba, kai kuma maimakon ka gabatar masa da baƙon, sai ka sallame shi daga aiki. Ƙunshi kuwa ba hoto ba ne da za a kalla a ajiye. Umarni ne da zai gudana a kwamfutarka da duk ikon da kake da shi, wani ma tun lokacin girkawa yake fara aiki. A ofis, wanda ke tsakiya ka san shi. Matsalar ita ce mutane suna rubuta saitin dindindin su manta, gobe su buɗe kwamfutar a wayifai na otal ko na shagon intanet, inda ba su san wa ke tsakiya ba. A ganina wannan ba gyara ba ne, kuma ban yarda ta yi ba.

Gyaran gaskiya shi ne a gabatar. Muka koma wajen injiniya. "Injiniya, a taimaka mana da satifiket ɗin tushe na ofis." Ya yi dariya ya ce mu ne na uku a watan. Ya ba mu fayil guda, muka sa masa suna ofis.pem. Wanda bai samu injiniya ba yana iya fitar da shi da kansa daga `certmgr.msc`, amma ya zaɓi sigar `Base-64 encoded X.509`. Gwajin abu ne mai sauƙi: buɗe fayil ɗin da Notepad, in ka ga ya fara da `-----BEGIN CERTIFICATE-----` to daidai ne, in ka ga tarkacen alamomi marasa karantuwa to ɗaya sigar ka fitar, pip ba zai karɓa ba. Kada kuma a karɓi wannan fayil daga hannun kowa sai masu kula da layin, domin duk hatimin da ka saka, ka ba mai shi ikon ya yi maka shigar kowane shafi.

Akwai hanya biyu daga nan. Ta farko, a nuna wa pip fayil ɗin dindindin da `pip config set global.cert`. Tana da tarko guda: a tsohon pip, fayil ɗin da ka nuna yana maye gurbin jerin aljihunsa ne, ba ƙari yake yi a kai ba. Sai ka koma gida, PyPI na gaskiya ya nuna satifiket na gaskiya, pip ya ce bai san shi ba. Mun zaɓi ta biyu. Tun fitowa ta 24.2 a shekarar 2024, pip yana duba jerin kwamfuta da kansa, muddin Python ɗin ya kai 3.10. Nata 3.11 ne, don haka sabunta pip kawai muke buƙata. Sai dai sabuntawar ita ma saukewa ce, kuma saukewar ce ta ƙi. Shi ya sa muka yi amfani da fayil ɗin sau ɗaya tak:

```
python -m pip install --cert ofis.pem --upgrade pip
pip install pandas
```

Layin saukewa ya fara cika, pandas ya shigo da ƴan rakiyarsa irin su numpy. Na tuna mata cewa in ta koma gida ta cire saitin firoksi da `pip config unset global.proxy`, in ba haka ba pip zai tsaya neman ƙofar ofis daga ɗakinta.

Ba pip kaɗai ke da wannan hali ba. Masu aiki da npm suna ganin `SELF_SIGNED_CERT_IN_CHAIN`, cuta ɗaya ce da wani suna, kuma fayil ɗin nan dai shi ne maganin, ta hanyar `NODE_EXTRA_CA_CERTS`, wanda shi ƙari yake yi a kan jerin ba ya share shi. Kowane kayan aiki da nasa aljihun, gyara ɗaya ba ya gyara saura.

Sannan ba duk kukan satifiket ne laifin firoksi ba, don haka a karanta kalmomin da suka biyo bayan `verify failed`. Kowane satifiket yana da ranar farawa da ranar ƙarewa, kuma agogon kwamfutarka ne alƙali. Tsofaffin kwamfutocin tokumbo da ƙaramin batirin agogonsu ya mutu sukan farka a wata shekara ta can baya, sai kowane satifiket ya zama bai fara aiki ba tukuna, allo ya rubuto `certificate is not yet valid`. Na taɓa ɓata rabin yini ina zargin layi, ashe kwanan wata ne. Akwai kuma tsufan jerin kansa: ranar 30 ga Satumba 2021 wani tsohon tushe mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, na'urori da yawa da ba a sabunta su ba suka daina yarda da shafukan da ke amfani da Let's Encrypt, alhali shafukan lafiyarsu ƙalau.

Idan abin ya same ka, mai karatu, kafin ka kwafi umarnin kowa, duba agogon da ke kusurwar allo, sannan ka duba sunan da ke ƙarƙashin `Issued By`. In sunan ofishinku ne, tashi ka je wajen injiniya ka karɓo fayil ɗin.