Karanta Takardar Iri Kafin Shuka

A duk lokacin da damina ta gabato, manoma daga ikilisiyoyi dabam dabam sukan aiko mana da hoton buhun iri ta waya, suna tambaya ko su saya. Yawanci hoton masarar da aka zana a gaban leda muke gani. Ba shi muke bukata ba. Takardar da aka ɗinka a bakin buhun, ko rubutun bayan leda, shi za ku ɗauka, a cikin inuwa, kusa sosai, yadda kowace lamba za ta fito.

A ce hoton ledar masara mai kilo 2 ne. Mukan fara da layin Variety, wato sunan irin. Idan an rubuta SAMMAZ 15, mun san farar masara ce daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, mai jure wuta-wuta, wadda take bukatar fiye da kwana 100 kafin ta nuna. Za ta yi wa manomin Saminaka ko Kafancan daidai. Amma a wajen Daura ko Nguru, inda ruwa kan ɗauke da wuri, gara a nemi iri mai nuna cikin kwana 90 ko ƙasa da haka. Shi ya sa muke tambayar garinku kafin mu amsa. In kuma akwai F1 kusa da suna, irin aure ne: kada a ajiye amfaninsa don shukar baɗi.

Inda aka fi ruɗewa shi ne layin Germination. In an rubuta 90%, ana nufin cikin ƙwaya 100, guda 90 suka tsiro a ranar da aka gwada, ba yau ba. Don haka dole a haɗa shi da kwanan watan gwajin. Irin da aka gwada a watan Maris na bana, ana iya amincewa da lambarsa. Wanda aka gwada a Maris na bara kuwa ya yi damina ɗaya da bazara biyu a shago, zafi da laima sun rage masa ƙarfi, ko da ledar tana nan fes. Idan kwanan watan ya goge, ko an liƙa wata takarda a kansa, mukan ce a ƙyale wannan buhun.

Hoto dai takarda yake nuna mana, ba ya nuna abin da ke cikin leda. Bayan kun saya, ku ƙirga ƙwaya 100, ku jera a kan jiƙaƙƙen buhun algarara, ku nannaɗe, ku riƙa yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana 7 ku ƙirga waɗanda suka tsiro. In sun kai 85, ku shuka yadda kuka saba. In ba su kai 70 ba, ku koma wurin mai shago da ledar da rasit. Ku wanke hannu bayan taɓa irin, domin jan launin nan da ke jikinsa magani ne mai guba.