Faranti, batir da regilater: lissafin gidan da ke cin wat-awa 200 a rana

Tun watan Agusta na 2023, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take tura wa Nijar har zuwa Maris na 2024, farantin sola ya daina zama kayan ƙauye kawai a jihar Maraɗi. Gidajen da ke da kantar NIGELEC a cikin birni sun bi sahun na karkarar Tibiri da Jiratawa, kowa na son fitila da cajin salula ko da an ɗauke wuta. Sai dai mutane da yawa da batir suke fara ciniki, su zaɓi mafi girman da aljihu zai ɗauka, sannan su haɗa shi da ɗan ƙaramin faranti da canjin da ya rage. A ganina wannan ne ke kashe batura tun ba su shekara ba, kuma alƙaluma na nuna dalili.

Mu ɗauki gida ɗaya a Jiratawa a matsayin misali. Ƙwan fitila huɗu ne a ɗakuna, kowanne wat 5, suna ci awa 5 daga magariba. Wat 20 sau awa 5 ya ba da wat-awa 100. Akwai ƙwai ɗaya mai wat 3 a tsakar gida da ke kwana a kunne, awa 10, wato wat-awa 30. Manyan salula uku, kowace ta ɗauki kamar wat-awa 20 a caji ɗaya, sun zama 60, ƙanana biyu masu maɓalli kuma suka raba 10. Jimla wat-awa 200 a rana. Da yake batirin gidan mai bolt 12 ne, sai a raba 200 da 12, a samu amfiya-awa 17, abin da ake rubutawa Ah a jikin batir. Wannan 17 ɗin ita ce ake ɗiba kowane dare, ita ce kuma dole faranti ya mayar kowace rana.

A nan lambar da ke gaban faranti take ruɗin mai saye. Wat 100 da aka rubuta an auna shi ne a ƙarƙashin cikakken hasken rana, farantin yana da sanyin digiri 25, yana kuma ba da bolt wajen 18. Batir kuwa tsakanin bolt 13 da 14 yake shan caji. Regilater mai araha da ta cika kasuwa, wadda aka rubuta wa PWM, ba ta iya juya rarar bolt ɗin ta koma amfiya, asararta ake yi. Saboda haka a juya bayan farantin a nemi layin Imp a takardar da ke manne. A faranti mai wat 100 za a ga wajen amfiya 5.5, a mai wat 50 kuma wajen 2.8.

Rana a Maraɗi tana yin kusan awa 12 a sama, amma hasken safe da na la'asar ba su da ƙarfi. Idan aka tattara hasken yini duka, daidai yake da awa 5 da rabi zuwa 6 na cikakkiyar rana. Mai lissafi ya riƙe awa 5, saboda hazon hunturu da gajimaren Agusta. Faranti mai wat 50 zai ba da 2.8 sau 5, wato 14. A cire kashi ɗaya cikin biyar na ƙura da waya da abin da batir ke ɓatarwa wajen caji, saura 11. Gidan yana cin 17, ana mayar masa da 11, kullum da giɓin 6. Mai wat 80 yana kawo 17 da ɗoriya, ya biya bukata amma babu rara. Mai wat 100 yana kawo 22, kuma rarar 5 ɗin nan ce ke cike batir bayan ranar da hadari ya rufe sama. Shi ya dace da gidan.

Yanzu a duba abin da ke faruwa ga wanda ya sayi batir mai 100Ah da faranti mai wat 50. Makon farko komai lafiya, fitilu na ci har asuba, domin cajin da batirin ya zo da shi ake ci. Giɓin 6 a kullum yana cinye rabinsa cikin kwana 8 ko 9. Daga nan ba ya sake cika. Batirin dalma da ya daɗe bai cika ba, wani farin gishiri ne ke daskarewa a farantan cikinsa, ya rage masa ciki har abada. Alamarsa a bayyane take: da hantsi regilater ta nuna ya cika, amma kafin a idar da sallar isha'i fitilu sun dushe. Rumbu ne babba a gonar da ba ta kai ta cika shi ba.

Girman batirin da ya dace shi ma daga 17 yake fitowa. Batirin dalma, na ruwa ko na jel, ba a son a wuce rabinsa, don haka dare ɗaya na bukatar 34Ah. Idan ana son ya ɗauki gidan kwana biyu ba rana, 68 ke nan, sai a sayi mai 70Ah. Wurin ajiyarsa ma lissafi ne. An ƙiyasta rayuwar batir a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 yana rage ta da kusan rabi. Ɗakin kwano a Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura 40, ba wurinsa ba ne. A sa shi ƙasa a kan katako, a ɗakin da ya fi sanyi kuma iska ke shiga. Batirin mota an yi shi ne don tayar da inji, ba ya jure ɗiba mai zurfi kowane dare.

Regilater ba ta da wuya. A bayan faranti akwai Isc, wajen amfiya 6 ga mai wat 100. A ninka da 1.25, a samu 7.5, mai amfiya 10 ta isa. A fara haɗa mata batir kafin faranti. Abin da ya fi muhimmanci shi ne iyakar da take yanke wuta: da yawa suna zuwa a kan 10.7V, inda batir ya riga ya ƙare ƙaf. Idan tana karɓar saiti, a ɗaga ta zuwa wajen 11.8V, kuma fitilu su bi ta cikinta, kada a ɗaura su kai tsaye a kan batir. Da asuba, bayan an kashe komai na ɗan lokaci, a duba lambar: 12.7 cikakke ne, 12.2 rabi ne, ƙasa da 12 kuwa gidan yana cin fiye da abin da faranti ke kawowa.

Abubuwa biyu ke rushe wannan lissafi bayan an gama shi. Na'urar da ke juya wutar batir zuwa bolt 220, idan tana cin wat 8 ba a jona mata komai ba, to a awa 24 ta sha wat-awa 192, kusan abin da gidan duka ke ci. Gida irin wannan ya fi samun sauƙi da ƙwayaye masu bolt 12 da caji ta ramin USB. Sai fanka da bazara ke kawowa: mai wat 15 a awa 8 ta ƙara wat-awa 120, bukata ta tashi daga 17 zuwa kusan 27, ta wuce 22 ɗin da faranti mai wat 100 ke bayarwa. Wanda ya san zai sayi fanka, ya nemi faranti mai wat 150 da batir mai 100Ah tun farko, regilater kuma mai amfiya 20.