Babi na Bakwai: Wake, Ƙwaro da Ɗakin Ajiya

A ƙasar Talata Mafara, Bakura da Maradun, ana roron wake ne tsakanin Oktoba da Nuwamba, lokacin da kasuwa ta cika da shi, farashi kuma ya faɗi. Magidanci mai hangen nesa yakan ajiye nasa zuwa bazara, ya ci rabi ya sayar da rabi. Watannin nan biyar ko shida su ne filin da ƙwaron wake ke cin karensa ba babbaka. Masana aikin gona suna da tsarin da suke bi wajen yaƙi da kowane irin ƙwaro a gida: a fara da toshe masa hanya, a bi da sa ido, sai in duk sun gaza a ɗauko magani. Ajiyar wake na nuna dalilin wannan jeri fiye da komai.

Mutane da yawa suna zaton ƙwaron daga waje yake shiga buhu. Akasari tare da waken yake zuwa daga gona. Macen takan manna ƙwanta a jikin kwasfa tun kafin roro, ko a jikin ƙwayar bayan an sussuka. Cikin kwana biyar ko shida tsutsa ta ƙyanƙyashe, ta huda ta ƙasan ƙwan kai tsaye zuwa cikin waken, ba tare da ta leƙo waje ba. A can za ta ci, ta girma, ta rikiɗa, sannan ta fasa ramin nan mai zagaye ta fito. A yanayin zafi irin namu duk wannan bai wuce mako uku zuwa huɗu ba, kuma mace guda kan zuba ƙwai da dama, wani lokaci har kusan 100. Don haka buhun da aka ɗaure da ƙwari 'yan kaɗan a Nuwamba, kafin Maris ya zama gari da rami. Wannan ne kuma ya sa yayyafa magani a bayan buhu ba ya kai wa ga mai ɓarnar, domin tana ɓoye a cikin ƙwayar.

Mu ɗauki wani gida a Bakura da ya samu buhu uku. Aikin farko shi ne ɗakin ajiyar kansa. A share shi tas, a fitar da ragowar tsohon wake da tsofaffin buhuna, domin a nan ƙwarin bara ke jiran na bana. A liƙe ramuka da tsagewar bango, a jera katako ko duwatsu da za a ɗora buhu, kada ya taɓa ƙasa ko bango. Na biyu shi ne shanya. Waken da ya bushe sosai yakan fashe da ƙara idan an cije shi. Akwai kuma gwajin gishiri: a zuba wake kaɗan da busasshen gishiri cikin kwalba mara danshi, a rufe, a girgiza, a bar ta ɗan lokaci. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da waken rana.

Rana ma da kanta kisa take yi, in an san yadda za a tara zafinta. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda a kai, a baza waken siriri, a rufe da leda fara mai ganin ciki, a naɗe gefuna a danne da duwatsu. Sa'a biyu da tsakar rana sun isa zafin ya kai wajen digiri 60, wanda ke kashe ƙwai da tsutsa da babban ƙwaro. Sai a bar waken ya huce kafin a zuba a mazubi.

Mazubin shi ne ginshiƙi. Ƙwaro numfashi yake yi, in an hana shi iska ya daina ci, ya daina haihuwa, ya bushe ya mutu. A kan wannan aka gina buhun PICS, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samo asalinsa daga aikin da suka yi a arewacin Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007. Leda biyu ne masu kauri a cikin buhun saƙa. Kafin a zuba, a hura iska cikin kowace leda a matsa, a ji ko tana tsiyaya. A cika ta cikin, a matse iskar, a murɗe bakin, a lanƙwasa a ɗaure. A yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Wanda ya haɗa ukun ya ɗaure da igiya guda ya yi asarar kuɗin buhunsa. Jarka ko duro mai murfin da ke kamawa suna yin wannan aiki, muddin an cika su har baki. Na ci yau da gobe kuwa, uwargida ta ware kwano biyu ko uku, ta gauraya da tankaɗaɗɗiyar toka daidai yawan waken, don kada a riƙa kwance babban buhu kullum.

Sa ido ba ya nufin buɗe buhu. Duk buɗewa sabuwar iska ce ga ƙwaro. Abin da ake dubawa kowane mako shi ne waje: kashin ɓera, cizo a gindin buhu, gari a ƙasa. Inda ake noman shinkafa da ruwan madatsar Bakolori ɓera ba ya rasa abinci rani da damina, kuma rami guda da ya yi a leda ya rushe dukan aikin. Tarko da kyanwa da share kewayen ɗaki sun fi gubar ɓera a gidan da ke da yara da kaji.

Waken da ke cikin buhun da ba ya tare iska kuwa, dole a riƙa ɗiban samfuri. A zura hannu tsakiya. In akwai ɗumi, rai na motsi a ciki. A ƙirga ƙwaya 100 a kan faifai a duba su a haske. Sabon ƙwai kamar ɗigon ruwa yake, da ƙyar ake ganinsa, amma in ya koma fari fat, tsutsar ta riga ta shige. Wani ɗan da'ira mai duhu a ƙarƙashin fatar waken kuma alama ce ƙwaro na dab da fitowa. In adadin ya ƙaru bayan mako biyu, abin yi shi ne a tankaɗe, a mayar rana ƙarƙashin leda, a sauya mazubi. Har yanzu ba a zo kan magani ba.

Magani biyu ne suka fi yawo a kasuwa ranar Talata. Na farko fiya-fiya da danginta, wato ruwan diklobos. Wannan ba shi da gurbi a jikin abinci ko kaɗan. Saboda ragowarsa ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalabensa. Abin mamaki, waken da Turawa suka ƙi, shi muke dafa wa yara alala da shi.

Na biyu ƙwayar Fostoksin, wadda wasu ke kira bom. Ita tana kai wa ga tsutsar cikin wake, domin da ta sha danshin iska sai ta saki hayaƙi mai guba da ke ratsa ko'ina. Ratsawar ce kuma haɗarinta: tana bi ta tsagewar bango da saman katanga zuwa ɗakin da ake kwana, kuma gubarta ba ta da makari. Ba a amfani da ita sai a mazubin da ke rufe ruf, a ɗakin da ya rabu da wurin kwanan mutane da dabbobi, a hannun wanda aka horar, kamar malamin gona. Ana naɗe ta a takarda don kada tokarta ta gauraya da wake, a bar mazubin a rufe kamar mako guda, a buɗe a sarari, a binne tokar. Jefa ta cikin buhun saƙa ɓata kuɗi ne, don hayaƙin zai tsere kafin ya kashe ƙwai, ƙwarin da suka tsira kuma su haifi masu jure maganin. Kuma da hayaƙin ya tafi kariyar ta ƙare. Waken da aka mayar buhun da ke shan iska, sabon ƙwaro zai same shi cikin 'yan makonni.