Tambayoyi Uku da Injiniya Ke Yi wa Katangar Tare Ƙasa

Ranar 23 ga Yuli, 1994, bayan ruwan sama mai yawa, wata tsohuwar katangar dutse da ke tare ƙasa a ƙarƙashin gidajen Kwun Lung Lau a Hong Kong ta rushe a kan hanyar da mutane ke bi da ƙafa. Mutum biyar suka rasu. Bincike ya nuna cewa katangar, mai tsayin kusan mita 10, kaurinta bai kai mita ɗaya ba, alhali tsohon zanen ginin ya nuna ta fi haka kauri nesa ba kusa ba. Bututun magudana da ke binne a bayanta kuma ya lalace, yana zuba ruwa cikin ƙasar da take tarewa.

Irin wannan katanga ba rodi ke riƙe ta ba. Nauyinta ne kaɗai makaminta, ko ta dutse ce da siminti, ko ta kankare zalla. Shi ya sa kafin a haƙa harsashi injiniya ke yi mata tambayoyi uku: za ta zame gaba? Za ta kife? Ƙasar da ke ƙarƙashinta za ta iya ɗaukarta?

Misali ɗaya zai nuna yadda ake amsawa. A ɗauka wani mai gida yana da fili a gangare, yana son ya yi ciko ya daidaita shi. An zana masa katangar kankare mai tsayin mita 3, daga ƙasan harsashi zuwa sama. Kaurinta a sama rabin mita ne, a gindi mita 1.5. Bayanta, inda cikon yake, a miƙe yake tsaye, gabanta kuma a jingine. Cikon yashi ne busasshe, samansa a shimfiɗe. Duk lissafin ana yin sa ne a kan yanki ɗaya na katangar mai tsawon mita ɗaya, domin abin da ya sami wannan yanki shi zai sami sauran. Injiniyoyi kan rubuta ƙarfi da kN, amma a nan an yi amfani da tan, wanda ya yi kusan daidai da kN 10.

Abu na farko shi ne sanin ƙarfin turin. Duk wanda ya ga tifa ta juye yashi ya san tsibin ba ya tsayawa a miƙe, sai ya baje ya tsaya a wata kusurwa. Katangar tana hana yashin wannan bajewar ne, shi kuma yana tura ta. Injiniyan sojan Faransa Charles-Augustin de Coulomb ya wallafa hanyar lissafa wannan turi a 1776, sannan William Rankine na Jami'ar Glasgow ya kawo tasa a 1857, kuma har yau da su ake aiki. A hanyar Rankine, ana farawa da kusurwar gogayyar ƙwayoyin ƙasa, wadda ake aunawa a ɗakin gwaji. Ta yashin wannan misali digiri 30 ce. Ana saka ta cikin Ka = (1 − sin φ) / (1 + sin φ), sai a sami kashi ɗaya cikin uku. Ma'ana, a kowane zurfi, turin gefe sulusi ne na nauyin ƙasar da ke danne daga sama.

Turin babu shi a saman katanga, yana ƙaruwa ne ana gangarowa. Jimillarsa ita ce Pa = ½ × Ka × γ × H², inda γ ke nufin nauyin ƙasa, H kuma tsayin katanga. Kubik mita ɗaya na yashin yana da nauyin tan 1.8, don haka rabi sau sulusi sau 1.8 sau 9 ya ba da tan 2.7. Da yake turin ya fi yawa a ƙasa, cibiyarsa tana sulusin tsayi daga gindi, wato mita 1.

Yadda tsayi ya shiga lissafin sau biyu abin lura ne ga mai son ƙara wa tsohuwar katanga tsayi: idan aka ninka tsayin, turin zai ninka sau huɗu, ƙarfin kifarwar kuma sau takwas.

Nauyin katangar ya fi sauƙin samu. Ana raba siffarta gida biyu: miƙaƙƙen ɓangaren baya mai faɗin rabin mita, da jinginannen ɓangaren gaba mai kusurwa uku, wanda gindinsa mita 1 ne. Kubik mita na kankare tan 2.4 ne, kuma kowane ɓangare ya zo kubik mita 1.5, wato tan 3.6. Katangar gaba ɗaya tan 7.2 ke nan.

Yanzu tambayar zamewa. Abin da ke hana katanga sulalewa shi ne riƙon da ke tsakanin gindinta da ƙasa, kuma riƙon ya dogara da nauyi. Ga kankaren da aka zuba kai tsaye a kan yashi, ana iya ɗaukar riƙon a matsayin rabin nauyin, wato tan 3.6. Turi 2.7, riƙo 3.6. Mai gida zai ce ai shi ke nan, riƙo ya rinjaya. Injiniya ba zai yarda ba, domin idan ya raba 3.6 da 2.7 zai sami 1.33, alhali abin da aka saba nema shi ne 1.5 ko fiye. Ana barin wannan rarar ne saboda ƙasa ba a masana'anta aka ƙera ta ba. Abin da gwaji ya nuna a wannan rami yana iya bambanta da na taku goma gaba. Katangar ta faɗi tambayar farko.

Wasu kan yi ƙoƙarin cike giɓin ta hanyar lissafa ƙasar da ke gaban katanga, wadda ita ma tana tokare ta. Injiniya mai taka-tsantsan ba ya dogara da ita. Wata rana mai shimfiɗa bututu zai haƙe ta, ko zaizayar damina ta kwashe ta, kuma babu wanda zai tuna cewa an sa ta a lissafi.

Tambayar kifewa tana kallon bakin gindin katanga na gaba, domin a kansa za ta juya idan za ta faɗi. A nan ƙarfi kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da nisansa daga wannan baki. Turin tan 2.7 yana aiki a tsayin mita 1, don haka ƙarfin kifarwa 2.7 ne. Ɓangaren baya na katangar, cibiyar nauyinsa tana mita 1.25 daga bakin, ya ba da 3.6 sau 1.25, wato 4.5. Na gaba, cibiyarsa tana kashi biyu cikin uku na mita, ya ba da 2.4. Jimilla 6.9. An raba da 2.7 an sami 2.56, kuma abin da aka fi nema shi ne 2. Ta wuce.

Tambaya ta uku ce mutane suka fi yi wa gurguwar fahimta. Sai a raba nauyin katanga da faɗin gindinta, 7.2 da 1.5, a sami tan 4.8 a kowane murabba'in mita, a ɗauka an gama. Amma katangar da ake turawa daga baya ba ta zaune daidai a kan ƙasa. Tana danna gaba fiye da baya, kamar mutumin da aka tura daga baya, wanda nauyinsa ke komawa kan yatsun ƙafarsa.

Don sanin inda nauyin ya sauka, ana cire ƙarfin kifarwa daga na tsayarwa, 6.9 ban da 2.7, saura 4.2, sannan a raba da nauyin katanga. Amsar ita ce mita 0.58 daga bakin gaba. Tsakiyar gindi tana 0.75, ke nan nauyin ya kauce gaba da kusan mita 0.17. Ƙa'idar ita ce kada kaucewar ta wuce kashi ɗaya cikin shida na faɗin gindi, wanda a nan mita 0.25 ne. In ta wuce, bayan gindin zai fara ɗagewa daga ƙasa, nauyin duka ya taru a gaba. A nan ba ta wuce ba. Sai a koma ga q = (W/B) × (1 ± 6e/B), inda W nauyi ne, B faɗin gindi, e kuma kaucewar. Dannin ya fito tan 8 a kowane murabba'in mita a gaba, 1.6 kacal a baya. Idan gwajin ƙasar wurin ya nuna za ta ɗauki tan 15 cikin aminci, katangar ta tsira. Idan kuwa a kan tsohon ciko ko laka mai taushi za a ɗora ta, bakin gaba zai lotsa, katangar ta karkata, nauyin ya ƙara kaucewa gaba, lotsawar ta ƙaru. Baƙar lakar yankin Tafkin Chadi, mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana buƙatar bincike na daban tun kafin a zo nan.

Gyaran zamewar ba shi da wuya a kan takarda. Idan aka mai da gindin mita 1.8, saman kuma 0.6, nauyin zai kai tan 8.64, riƙon ya zama 4.32, rabon ya tashi zuwa 1.6. Dannin gaba ma ya sauko zuwa kusan tan 5.8. Wata hanyar ita ce a fitar da haƙori na kankare a ƙarƙashin gindin ya shige cikin ƙasa. Duk gyaran da aka yi, dole a sake bin tambayoyin ukun daga farko.

Amma duk wannan lissafi ya tsaya ne a kan sharaɗin cewa yashin busasshe ne kuma ba a ɗora masa komai ba. Idan aka jibge kaya masu nauyin tan 1 a kowane murabba'in mita a bayan katangar, turin zai ƙaru da tan 1. Ruwa ya fi wannan muni, domin shi ba a rage masa zuwa sulusi. Yadda yake danna ƙasa haka yake danna gefe. Idan cikon ya cika da ruwa har sama, ruwan kaɗai zai tura da tan 4.5, yashin da ke cikinsa ya ƙara kusan 1.5. Turin ya tashi daga 2.7 zuwa 6, ya fi ƙarfin riƙon 4.32 na katangar da aka gyara, tun ma ba a lissafa ruwan da ke shiga ƙarƙashin gindi yana rage mata nauyi ba. A birnin Baltimore na Amurka, ranar 30 ga Afrilu, 2014, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, wata tsohuwar katanga ta tafi da gefen titi da motocin da ke ajiye a kai, suka zuba kan layin dogon da ke ƙasa.

Saboda haka ne zanen kirki ke nuna tsakuwa a jikin bayan katanga, da bututu mai huji a gindi, da ramukan tsiyaya a jikinta, tazarar mita ɗaya zuwa biyu. Abin takaici ne a ga an toshe waɗannan ramuka da filasta don katanga ta yi kyan gani. Ramin da bai taɓa ɗigo ba duk tsawon damina abin dubawa ne. Tsagewar ƙasa a bayan katanga, wadda ta bi tsawonta, alama ce cewa tana matsawa gaba, kuma igiyar magini mai nauyi a baki, in aka sake ta daga sama kowane wata a wuri ɗaya, za ta nuna ko karkatar tana ƙaruwa. Idan kuma katangar a tsakiyar gangare take, akwai bincike na huɗu da waɗannan ukun ba su taɓa ba: ko gangaren gaba ɗaya zai iya gocewa ta ƙarƙashin harsashin, ya tafi da katangar da cikonta tare.