Kafin ka nemi a ba ka albashi tun wata bai yi ba, lissafa abin da zai rage maka

Yawancin ma'aikatan da ke neman shugaban wurin aikinsu ya ba su wani abu daga albashi kafin ƙarshen wata, hankalinsu yana kan kuɗin da za su karɓa yau, ba a kan abin da zai rage musu a watannin da za a yi ana yanka ba. A nan matsalar take. Kuɗin da aka ba ka ba kyauta ba ne, ba kuma ƙarin albashi ba ne. Guminka ne na gobe ka ci yau, kuma watannin biya za su zo da nasu buƙatun: hatsi, kuɗin mota, magani da kuɗin makarantar yara.

Abu na farko da ya kamata ma'aikaci a Najeriya ya sani shi ne Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta yi magana a kan wannan. Sashe na 4 ya ce kada abin da za a bai wa ma'aikaci ya wuce albashinsa na wata ɗaya. Ya ce kuma mafi ƙarancin lokacin da mai aiki zai ɗauka yana cire kuɗinsa shi ne wata uku, wato ba daidai ba ne a ba ka yau a kwashe duka a albashi mai zuwa. Sashen ya hana a ɗora ruwa ko wani caji a kan irin wannan kuɗi, sannan ya hana a sake ba ka wani kafin ka gama biyan na baya, sai dai in akwai lalurar da mai aikin ya amince da ita. Sashe na 5 kuma ya ce jimillar abin da za a yanke a albashin wata ɗaya kada ta wuce kashi ɗaya bisa uku.

Sai dai akwai iyaka guda biyu. Dokar ba ta tilasta wa mai aiki ya bayar ba, ta tsara yadda za a yi ne in ya yarda, saboda haka roƙo kake yi, ba haƙƙi kake karɓa ba. Sannan kariyar ta fi shafar ƙananan ma'aikata, irin su direbobi, masu gadi, leburori da akawu. Manajoji da ƙwararrun ma'aikata ba sa cikin waɗanda dokar ta kira ma'aikata a wannan fage, su takardar ɗaukar aikinsu da ƙa'idojin ma'aikatarsu ne abin dubawa.

Mu ɗauki misalin direban wani kamfani mai albashin naira 90,000. A kowane wata ana cire masa 12,000 na fansho da kuɗin ƙungiya da adashin ofis, yana zuwa gida da 78,000. Mai gida ya matsa masa a kan cikon kuɗin haya na naira 60,000. Tunanin da zai fara zuwar masa shi ne, tunda dama ta samu, bari ya nemi albashin wata guda cur, ya biya a wata uku ya huta. To, naira 90,000 a wata uku tana nufin 30,000 kowane wata. In aka haɗa da 12,000 ɗin da ake cirewa tun asali, yankan ya zama 42,000, alhali kashi ɗaya bisa uku na albashinsa 30,000 ne. Ya ƙetare iyakar doka, kuma 48,000 kaɗai zai riƙa kai wa gida.

A ce ya zauna da maiɗakinsa sun lissafa, sun ga gidan ba ya tafiya da ƙasa da naira 66,000 a wata. Ke nan abin da zai iya jurewa a yanke masa bai wuce 12,000 ba. Ko da an shimfiɗa 90,000 ɗin a kan wata shida, 15,000 za a riƙa cirewa, ya rage masa 63,000. Doka ba ta hana wannan ba, amma kowane wata akwai giɓin 3,000, kuma irin wannan giɓi ne ke kai mutum ga cin bashin mai kanti ko masu ba da rance ta waya. In kuwa ya tsaya a kan 60,000 ɗin da yake buƙata, a biya a wata shida, 10,000 za a riƙa cirewa, ya tafi gida da 68,000. Haya ta biyu, tukunya ba ta sauka ba. Darasin shi ne a fara lissafi daga abin da gida ke ci, daga nan a gano adadin da za a nema da yawan watannin biya.

Bayan lissafi sai takarda. Kada ka yarda da maganar baka, ko da kuwa kai da shugaban naka kun shaƙu. Rubuta takarda gajeriya zuwa ga wanda ke da ikon amincewa, ta hannun shugaban sashenka in haka tsarin wurin yake. Sa sunanka da lambar aikinka da kwanan wata, ka faɗi dalili a jimla ɗaya ba tare da dogon labari ba. Zuciyar takardar kamar haka take: "Ranka ya daɗe, ina roƙon a ba ni naira 60,000 daga albashina domin cikon kuɗin haya. Na amince a riƙa cire naira 10,000 kowane wata har wata shida, daga albashin Maris zuwa na Agusta." Ambaton watan farawa da watan gamawa shi ne garkuwarka. Ka nemi a rubuta abin da za a yi da ragowar bashin in ka bar aiki ko aka sallame ka kafin ka gama biya, domin a wurare da dama daga haƙƙoƙinka na ƙarshe za a so a kwashe shi gaba ɗaya. In an sa hannu, riƙe kwafi.

A kula kuma da wani ruɗani. Wani lokaci ofis yakan ce ba shi da kuɗi, ya tura ka banki ko wani kamfanin rance da suke hulɗa da shi. Sunan na iya zama iri ɗaya, amma wannan rance ne na kasuwanci, yana da ruwa da kuɗin hidima, kuma haramcin ruwa da ke Sashe na 4 bai shafe shi ba. Ka tambayi jimillar abin da za ka biya daga farko zuwa ƙarshe kafin ka sa hannu. Alama mai sauƙi ita ce, in aka rubuta 60,000 amma 57,000 ta shigo asusunka, ko kuma yankan wata shida ya haura 60,000 in an tara shi, to an ɗora maka wani abu.

Da zarar an fara yanka, riƙa duba takardar albashinka kowane wata, kana rubuta abin da aka cire da abin da ya saura. Albashin watan da ya biyo bayan yankan ƙarshe ne ya fi buƙatar sa ido, domin yakan faru ofishin akanta ya manta bai tsayar da yankan ba. In ka ga haka, kai kwafin takardarka wurin akanta tun a makon. In ba a gyara ba, akwai wakilin ƙungiyarku, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiharku, sannan akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ɗan'uwa ma'aikaci, nemi abin da lalurar ta ci kawai, ka zaɓi watannin da gidanka zai iya ɗauka, kuma kada ka karɓi ko kwabo sai an rubuta ranar da za a daina yankan.