Tauraron da ke jikin adadi ba datti ba ne

Mai kwafe tsofaffin jadawalin ƙidayar jihar Maradi zuwa kwamfuta yakan ga ɗan tauraro (*) ko ƙaramar lamba a kafaɗar wani adadi. Ina za a sa shi?

Dubi Tasawa da Mayahi. Nijar ta yi ƙidaya a 2001 da 2012, kuma tsakaninsu aka sake fasalin mulki. Gundumomin biyu ba a tsaga su ba a 2011, amma maƙwabciyarsu Aguié an fitar da Gazawa daga cikinta. Alama a jikin adadin irin wannan gunduma tana iya nufin an yi lissafi da tsohuwar iyaka, ko kuwa adadin na wucin gadi ne. Wanda ya goge ta zai kwatanta Tasawa da Aguié a karkace.

Barinta manne da adadi ma matsala ce. Excel yakan ɗauki 4500* a matsayin rubutu, SUM ya tsallake shi shiru, jimilla ta ragu. Manhajar karanta hoto kuwa takan haɗe ƙaramar lambar da adadin, 4500 mai alamar 2 ya koma 45002.

A bar adadi shi kaɗai a gurbinsa, alamar ta shiga gurbi na gefe, bayanin ƙasan shafi a kwafe shi yadda yake da Faransanci. Sannan a tara gundumomin, har da birnin Maradi in an ware shi daban, a gwada da jimillar jihar da aka buga. In sun saɓa, a koma hoton takardar.