Saƙon salula ya ƙi tafiya ko ya ƙi zuwa: yadda ake gano inda matsalar take

A kasuwar Dole ta Damagaram, saƙon SMS guda na iya riƙe ciniki. A ɗauki misalin ɗan kasuwar da aka turo wa jikka 50 daga Yamai: an ce masa lambar cirar kuɗin ta taho, rezo cike yake, kira na shiga, amma saƙo shiru. Kafin ya kai salular wurin mai gyara, akwai gwajin da ba ya cin minti guda: ya aika wa lambar kansa saƙo. Abin da ya biyo baya shi ke nuna inda ciwon yake.

In saƙon ya ƙi fita alhali akwai kuredi, sai a duba lambar cibiyar saƙonni. Kowane saƙo yakan fara sauka a cibiyar kamfanin mai aikawa, ita ce ke miƙa shi ga mai shi. Lambar cibiyar na rubuce cikin layin, kuma in ta goge ko ta canza, mutum zai ci gaba da samun saƙonni amma nasa ba za su tafi ba. Ana ganinta a Paramètres na saƙonni, galibi da sunan Centre de messagerie ko SMSC. A layin Nijar da +227 take farawa, ko da mai layin yana Kano. Kowane kamfani da tasa, don haka ta Airtel ba ta yi wa layin Moov ko Zamani aiki. A kwafo ta daga salular da ke da layin kamfani ɗaya, ko a tambaya a ofishinsu.

In kuwa saƙon ya fita bai dawo ba, mai yiwuwa wurin ajiya ne ya cika. An fi ganin haka a ƙananan saluloli masu maɓalli, inda ambulan ke ƙyaftawa ko a rubuta Mémoire pleine. Saƙon bai ɓata ba tukuna, cibiya na riƙe da shi. Da an goge tsofaffi kamar 10, na aikawa da na karɓa, sai a ga sababbi na shigowa. Sai dai riƙon na da wa'adi; in ya wuce, cibiya ta watsar da saƙon, dole a sake turowa.

In saƙon gwajin ya dawo lafiya, to layi da salula ƙalau suke, saura mai aikawar. Wataƙila an toshe shi bisa kuskure garin korar saƙonnin talla. Shi zai ga saƙonsa ya tafi, alhali yana ɓoye a Spam et conversations bloquées ko lambarsa na cikin Numéros bloqués. Ɗan kasuwar ya duba can, ya cire toshiyar, in bai tarar da lambar kuɗin ba ya nemi a sake turo masa.